Daga Turmin Atamfa Zuwa Bangon Ɗaki

Duk wanda ya taɓa halartar jeren ɗakin amarya a Kagarko ya san gardamar da ake tafkawa kafin a saka ko labule ɗaya. Gwaggo na son ruwan hoda, amarya na son shuɗi, mai fenti kuwa abin da ya rage masa a bokiti yake tallatawa. Akwai hanyar raba wannan gardama, kuma galibi tana cikin akwatin lefe: a ɗauko atamfar da mai ɗakin ta fi so, a bar ta ta zaɓa wa ɗakin launuka.

Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne an riga an yi mana aikin mai wuya. Atamfa ta samo asali ne daga rinin kakin zuma na tsibirin Java na ƙasar Indunisiya, Turawan Holan suka mayar da shi aikin inji. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har yau yana buga ta, kamar yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka yi a zamaninsu. A irin waɗannan kamfanoni akwai masu zane da ba su da aiki sai gwada wane launi ne ke zama lafiya kusa da wane. Idan zane ya burge ido, launukansa sun riga sun sasanta tsakaninsu. Abin da zanen bai faɗa ba shi ne yawan filin da kowanne zai ci a ɗaki, kuma a nan ne ake yin kuskure.

Ga abin da ya faru a ɗakin ƙanwata. Atamfarta shuɗiya ce mai duhu, da manyan furanni ruwan goro, da siraran layuka ruwan madara, da ƙananan ganye kore. Da aka tambaye ta kalar zanen, sai ta ce ruwan goro, domin shi ke fara tsone ido. Aka shafe bango huɗu da shi. Da rana ta faɗo ta taga, ɗakin ya zama kamar an hura wuta a ciki, ita kuma atamfar da aka shimfiɗa a gado ta ɓace, furanninta suka narke cikin bango. Inna ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, ai gishiri kika mayar tuwo."

Da aka tashi gyara, matakin farko shi ne karanta zanen. Aka wanke shi tukuna, domin atamfa mai araha takan zuba, launinta na gaskiya sai bayan wanki. Aka shanya shi a inuwa da hantsi, aka ja baya kamar taku biyar, aka ɗan kanne ido. A haka ƙananan zane-zane ke dushewa, a ga launin da ya fi yawa, wato shuɗin nan. Sannan aka matso kusa aka ƙirga sauran. A wasu atamfofin masana'anta kan buga 'yan ɗigo-ɗigo na launukan a gefen zane, kusa da rubutun sunan kamfani, kuma waɗannan suna sauƙaƙa ƙirgar. Launuka huɗu aka samu, aka ba kowanne matsayi: mai sanyi, mai nauyi, da masu ƙara guda biyu.

Mataki na biyu shi ne rabo. Masu adon gida suna da wani ma'auni na kashi 60, 30 da 10 cikin ɗari. Ba doka ba ce, abin farawa ne. Kashi 60 na manyan wurare ne, bango da rufi. Kashi 30 na labule da kujeru ko darduma. Kashi 10 na ƙananan abubuwa, kamar rigar matashi da kwanon ado. Sirrin shi ne a juya rabon da ke jikin zanen. Ruwan madara, wanda a atamfar bai wuce siririn layi ba, shi ya hau bango. Shuɗi ya tafi labule da yadin kujera, amma yadi mara zane, don kada ya yi kishi da atamfar. Ruwan goro aka mayar da shi matashi biyu. Kore kuwa ba a saya masa komai ba, tukunyar shuka guda a bakin taga ta wakilce shi. Turmin mai yadi shida aka raba: huɗu suka zama mayafin gado, biyu aka ɗinka rigunan matashi na kujera, ta yadda ido zai gamu da zanen a wuri biyu.

Me ya sa launi ɗaya ke daɗi a zane amma ya yi nauyi a bango? Dalili biyu ne. Na farko, launi na ƙara ƙarfi idan filinsa ya faɗaɗa, bangwayen kuma suna jefa wa juna haskensa. Na biyu, ido ba ya ganin launi shi kaɗai, sai tare da maƙwabcinsa. Wani masani Bafaranshe, Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1839, bayan ya gano cewa zaren da ake kuka da shi ba rininsa ne ya lalace ba, launin da ke gefensa ne ke sauya masa kama. Ruwan goro a kan shuɗi yana walƙiya domin kishiyoyi ne. Idan aka ɗauke shuɗin, sai zafin kawai ya rage.

Mataki na uku shi ne gwaji, kuma a nan yanayin gari ke shigowa. Mai fentin ya ce, "Hajiya, kada ki yarda da kalar da ke cikin bokiti." Ya shafa kamar kamu biyu a bangon da ke kallon taga, ya shafa wani a lungu, sau biyu-biyu, aka bari ya bushe, aka rataya zanen a gefe. Aka duba da safe, da la'asar, da kuma dare. Na daren yana da muhimmanci: farin ƙwan lantarki mai lambar 6500K yana mayar da ruwan madara kamar toka-toka, mai lambar 3000K kuwa yana ƙara masa ɗumi amma yana dusashe shuɗi. Sai a yi gwajin da irin ƙwan da za a zauna da shi.

Ƙasar yankin Kagarko ja ce, ƙurar hunturu da taɓon damina duk suna barin shaida, shi ya sa ruwan madara ya fi fari fat rufin asiri. Sabon shafen siminti kuma yana bukatar makonni kamar huɗu ya bushe, musamman da damina, in ba haka ba fentin ya yi dabbare-dabbare ya ɓare. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yakan ci lita kamar 8 zuwa 10 a shafa biyu, ya fi haka idan bangon na da kaushi. Kuma a tuna tayil ko ledar ƙasa da katakon gado su ma launi ne. Idan sun yi hannun riga da zanen, darduma ce magani.

Hanyar tana da iyaka. Atamfar da duk launukanta masu ƙara ne ba za ta ba da na bango ba, sai a ɗauki ɗaya a sirka shi da farin fenti sosai. A ganina, alamar an dace ita ce abin da baƙo ya fara yabawa. A ɗakin ƙanwata, bayan gyara, ba wanda ya sake zancen bango. Kowa ya shigo sai ya tambayi inda aka sayo zanen.