Daƙiƙa goma na farko: inda mai kallo ke yanke hukunci

Mai kallon bidiyo a waya yatsansa na kan allo, datarsa kuma tana ƙonewa. Ya danna ne saboda take da hoton da ya gani sun yi masa alƙawarin wani abu, kuma yana so ya tabbatar nan take cewa bai yi ɓatan kai ba.

A ɗauki bidiyon girki mai taken "Yadda ake masa mai laushi". Yawanci ga yadda ake buɗe shi: tambarin tasha yana juyi da kiɗa na daƙiƙa biyar, sai sallama, sai gaisuwa ga masu kallo na gida da na waje, sai roƙon a danna Subscribe. Rabin minti ya wuce, ba a ga ko tanda ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar ɗauka, sauya jeri ne kawai wajen tacewa. A ɗauko hoton ƙarshe, inda aka ɓare masar tana tururi, a sa shi a daƙiƙa ukun farko. Wannan ya cika alƙawarin take. Daga ta uku zuwa ta bakwai, jimla ɗaya da ta taɓo damuwar mai kallo: "In masarki na yin tauri, duba ƙullin, wataƙila bai tashi ba." A rubuta jimlar a kan hoton, domin da yawa suna kallo ne ba sauti, a cikin mota ko a wurin aiki. Kafin ta goma ta cika, a ga an fara jiƙa shinkafa.

To, ina sallama? Ba wanda ya ce Bahaushe ya faɗa wa mutane haka kawai. "Assalamu alaikum" ba ta cin daƙiƙa biyu, kuma ana iya yin ta yayin da hoton masar ke tafiya. Doguwar gaisuwa ce za a rage. Roƙon Subscribe kuwa ya jira sai mutum ya ƙaru da wani abu, don ba a neman tukuici kafin a isar da saƙo.

Ana iya auna sakamakon. A YouTube Studio, ƙarƙashin Analytics, akwai jadawalin da ke nuna inda masu kallo suke zamewa, har da kason waɗanda suka kai daƙiƙa 30. Layin yakan gangaro a farkon kusan kowane bidiyo, saboda haka kada a tsorata. Abin yi shi ne a kwatanta shi da sauran bidiyoyin tashar masu kusan tsawo ɗaya.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Wanda ya buɗe da "abin da zai girgiza ku" alhali babu komai a ciki, ya ɗage faɗuwar ne kawai zuwa gaba kaɗan, kuma jadawalin zai tona shi. Kafin ka ɗora bidiyonka na gaba, kashe sautin, ka kalli daƙiƙa goman farko. In ba ka gane abin da za a koyar ba, sake jeri.