Ribar Kowane Hannun Jari da Yadda Take Tsinkewa

Ribar kowane hannun jari ita ce kason da ya faɗa wa hannun jari guda ɗaya daga cikin ribar da kamfani ya ci a shekara. Ana samun ta ne idan aka ɗauki ribar da ta rage wa masu hannun jari na gama-gari aka raba ta da yawan hannayen jarin da ke hannun jama'a. A rahoton kuɗi na kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Nijeriya, tana zuwa ne a ƙasan bayanin riba da asara, sau da yawa da kwabo ake rubuta ta, kuma layi biyu take ɗauka. Layin farko sunansa `Basic earnings per share`, na biyu kuma `Diluted earnings per share`. Na farko shi ne lissafin asali, na biyu shi ne tsinkakken lissafi, wato abin da ribar za ta koma idan aka yi mata irin abin da ake yi wa kunu in baƙi suka ƙaru: gari bai ƙaru ba, sai dai ruwa. Ƙa'idar da ta wajabta fitar da layukan biyu ita ce IAS 33, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya da kamfanonin kasuwar Nijeriya suka fara aiki da su a 2012. Ta kuma sharɗanta a nuna su kafaɗa da kafaɗa, kada a fito da ɗaya a ɓoye ɗaya.

Wannan adadi ba shi ne kuɗin da ke shiga aljihun mai hannun jari ba. Abin da ke shiga aljihu shi ne rabon riba, wanda daraktoci ke ba da shawararsa a amince da shi a babban taron shekara. Kamfani na iya cin kwabo 180 a kan kowane hannun jari ya raba kwabo 50 kacal, sauran ya mayar cikin harka.

Lissafin asali yana da wurare biyu da ake yawan tuntuɓe. Na farko a ɓangaren riba: sai an cire haraji, an kuma cire rabon masu hannun jari mai fifiko, waɗanda ake sallama kafin kowa. Na biyu a ɓangaren yawan hannayen jari, domin ba adadin ranar ƙarshen shekara ake ɗauka ba. Ana auna kowane hannun jari da tsawon lokacin da ya yi a cikin shekarar, tunda kuɗin da ya shigo a tsakiyar shekara rabin shekara kawai ya yi yana aiki.

A ɗauki misalin wani kamfanin sarrafa shinkafa da ya ci ribar naira miliyan 600 bayan haraji. Masu hannun jari mai fifiko suna da naira miliyan 60, saboda haka miliyan 540 ce ta rage. Kamfanin ya shiga shekara da hannayen jari miliyan 250, sannan ranar 1 ga Yuli ya sayar da sababbi miliyan 100. Waɗannan sababbin wata shida suka yi, don haka miliyan 50 ake ƙirga su, jimilla ta zama miliyan 300. Idan aka raba miliyan 540 da miliyan 300, kowane hannun jari ya tashi da naira 1 da kwabo 80, wato kwabo 180.

Sai dai waɗannan miliyan 300 ba su kaɗai ne masu ido a kan ribar ba. Akwai mutanen da yau ba su da hannun jari, amma suna riƙe da takardar da ta ba su ikon samunsa gobe. Kashi na farko su ne waɗanda suka ba kamfani bashi bisa sharaɗin cewa in sun ga dama za su karɓi hannayen jari maimakon kuɗinsu. Kamfanoni na son irin wannan bashi saboda kuɗin ruwansa ya fi na bashin gama-gari sauƙi: mai ba da bashin ya haƙura da wani ɓangare na ruwan domin damar zama mai hannun jari in kasuwa ta yi kyau. Sauƙin kuwa tsofaffin masu hannun jari ne ke biyansa daga baya, ranar da aka zo raba ribar da mutane fiye da da.

A ce kamfanin shinkafar yana da irin wannan bashi na naira biliyan 1, ruwansa kashi 10 cikin ɗari a shekara, kuma kowace naira 10 ta bashin tana iya komawa hannun jari guda. Hakan na nufin hannayen jari miliyan 100 na iya fitowa. Tsinkakken lissafi yana ƙaddara cewa tun ranar farko ta shekara aka riga aka yi musanyar, ko tun ranar da aka karɓi bashin idan a cikin shekarar aka karɓe shi. To in da an yi haka, abu biyu ne za su canza. Hannayen jari za su tashi daga miliyan 300 zuwa miliyan 400. Sannan kamfanin ba zai biya ruwan naira miliyan 100 ba, don haka riba za ta ƙaru. Amma ba miliyan 100 ɗin duka ake mayarwa ba, domin kuɗin ruwa yana rage harajin da kamfani ke biya, kuma in babu ruwan, wannan rangwamen ya tafi. In aka ƙaddara haraji kashi 30 cikin ɗari ne, miliyan 70 ce ke dawowa. Riba ta zama miliyan 610, a raba da miliyan 400, ana samun kwabo 152 da rabi. Hannun jari mai fifiko da ake iya juyawa zuwa na gama-gari shi ma haka ake yi masa, illa dai rabonsa ake mayarwa gaba ɗaya, tunda dama bayan haraji ake biyansa.

Kashi na biyu su ne masu zaɓin sayen hannun jari, galibi manyan ma'aikata da daraktoci. Kamfani ya yi musu alkawarin sayar musu da hannun jari a kan wani tsayayyen farashi, ko nawa kasuwa ta kai. Lissafinsu ya fi na bashi dabara, kuma nan ne mai karatu ya fi ruɗewa. Mai zaɓi ba kyauta yake karɓa ba, yana biyan kuɗi, kuma hannun jarin da aka biya cikakken farashinsa ba ya cutar kowa, domin kuɗin da ya kawo zai yi aiki ya haifi tasa ribar. Abin da ke tsinka riba shi ne ragin da aka yi masa. Saboda haka ake raba zaɓin gida biyu: wanda kuɗin da aka biya ya isa saye a farashin kasuwa, da ragowar da ta tashi tamkar kyauta. Wannan ragowar kaɗai ake ƙarawa a lissafi.

A kamfanin shinkafar, a ce ma'aikata na da zaɓin sayen hannayen jari miliyan 50 a kan naira 12 kowanne, alhali matsakaicin farashin kasuwa a shekarar naira 20 ne. In duka suka saya, za su kawo naira miliyan 600. A farashin naira 20, wannan kuɗi hannayen jari miliyan 30 kawai zai saya. Ke nan miliyan 20 sun fita ba tare da ko kwabo ba. Ana ƙara su a kan miliyan 300, riba kuma tana nan yadda take, domin zaɓi ba shi da kuɗin ruwan da za a mayar. Miliyan 540 a raba da miliyan 320 ya ba da kusan kwabo 169.

Idan aka haɗa biyun, riba miliyan 610 ce, hannayen jari miliyan 420, sakamako kusan kwabo 145. Tsakanin layin farko da na biyu an rasa kwabo 35, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tasirin wannan yana bayyana wajen auna tsadar hannun jari. Wanda ya saya a naira 20 yana duban kwabo 180 zai ɗauka ya biya ribar shekara 11 ne da ɗan kai, alhali a tsinkakken lissafi ya kusa biyan ta shekara 14. Ga mai niyyar daɗewa da hannun jarinsa, layi na biyu ya fi kusa da gaskiyar abin da ya mallaka.

Ba kowace takarda ake sakawa a lissafin ba. Ƙa'idar ta ce a bar duk wadda shigarta za ta ɗaga adadin maimakon ta rage shi, domin manufar layin ita ce nuna mafi ƙarancin abin da zai iya saura. Gwajin bashi mai sauƙi ne: a raba ruwan da zai dawo da hannayen jarin da za su fito. A misalin da ya gabata miliyan 70 a kan miliyan 100 kwabo 70 ne, ƙasa da kwabo 180 nesa ba kusa ba, don haka yana tsinkawa. Da a ce hannayen jari miliyan 30 ne kawai za su fito, kowanne zai zo da kwabo 233, ya ja adadin sama, sai a ajiye shi gefe. Zaɓi kuma yana shiga ne kawai idan farashinsa ya gaza matsakaicin farashin kasuwa. Da naira 25 aka yanka wa ma'aikatan, babu wanda zai biya haka kan abin da ake samu a naira 20. Inda takardun suka yi yawa, ana jera su ne daga wadda ta fi tsinkawa, shi ya sa zaɓi ke fara shiga, sannan a gwada bashin da kwabo 169 da aka samu bayansa, ba da kwabo 180 na farko ba.

Wannan sharaɗi yana haifar da wani abin mamaki a shekarar asara. Idan kamfani ya faɗi, ƙara yawan hannayen jari zai rarraba asarar ne, ta ragu a kan kowane ɗaya, wato adadin ya gyaru. Don haka ake barin takardun duka a waje, layukan biyu su fito iri ɗaya. Mai karatun da ya ga haka ya ɗauka babu masu jiran gado ya yi kuskure. Suna nan, kuma shekarar da riba ta dawo za su bayyana. Bayanan da ke biye da rahoton kuɗi dole su ambaci irin waɗannan takardu da aka bari a waje, tare da nuna yadda aka taso daga adadin hannayen jari na layin farko zuwa na layi na biyu.

Lissafin zaɓi yana da wata iyaka kuma, domin da farashin shekarar da ta wuce yake aiki. In hannun jarin kamfanin shinkafar ya tashi zuwa naira 40, naira miliyan 600 ɗin nan miliyan 15 kawai za ta saya, na kyautar su haura daga miliyan 20 zuwa miliyan 35, ba tare da an ba kowa sabon zaɓi ko ɗaya ba. Tsinkewar tana girma ne daidai lokacin da kamfani ke bunƙasa, kuma zaɓin da bara aka ajiye gefe saboda farashinsa ya fi na kasuwa yana iya shigowa bana da zarar kasuwar ta wuce shi.