Yadda Ake Karanta Zanen Alƙaluma a Labaran Talabijin

Zanen alƙaluma da ake haskawa a labaran talabijin ba ya daɗewa a kan allo. Kafin mai kallo ya gama duba shi an wuce zuwa wani labari, sai ya tashi da siffar da idonsa ya kama, lambobin kuwa sun kuɓuce masa. Zanen hauhawar farashi, wanda tashoshin Nijeriya ke nunawa duk wata idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahotonta, ya isa misali na yadda ake ciro lamba daidai daga irin wannan zane.

Abin da ake fara dubawa shi ne rubutun da ke saman zanen, domin shi ke faɗin abin da aka auna da kuma ma'aunin: naira ce, yawan mutane ne, ko kashi cikin ɗari. Daga nan sai layin kwance na ƙasa, wanda yawanci ke ɗauke da watanni ko shekaru, sannan layin tsaye na gefe mai ɗauke da lambobi. Idan ba a rubuta lamba a kan sanda ba, sai a bi kanta da ido a miƙe zuwa layin gefe. Sandar da ta tsaya ƙasa kaɗan da tsakiyar 30 da 35 tana nuna kusan 32, kuma da kalmar "kusan" ya kamata a faɗe ta, tunda ƙiyasin ido ne.

Babban tarko yana gindin layin tsaye, wato lambar da aka fara da ita. A 2024 hukumar ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin ɗari a watan Yuni, ta sauko zuwa 33.40 a Yuli, sannan 32.15 a Agusta. Idan aka zana waɗannan sanduna uku daga sifili, da ƙyar ido zai ga bambancinsu. Amma idan mai zane ya fara daga 30, abin da ya rage wa sandar Yuni 4.19 ne, ta Agusta kuma 2.15, sai ta Agusta ta fito kamar rabin ta Yuni. Mai kallo zai ɗauka an zabge rabin hauhawar, alhali tazarar maki 2.04 ce kacal. Lambobin gaskiya ne, tsawon sandunan ne ya ruɗi ido. Don haka duk sandunan da ba su tashi daga sifili ba, lambarsu ake karantawa, a ƙyale tsawonsu.

Bayan an ciro lamba, saura a san abin da take nufi. Alƙalamin da aka fi nunawa yana kwatanta farashin wata ne da na irinsa a shekarar da ta gabata. Kashi 32.15 na Agustan 2024 yana nufin cewa, a tsaka-tsaki, kayan da aka saya naira 1,000 a Agustan 2023 sun koma kusan naira 1,320. Saukar layi daga 34 zuwa 32 ba ta nuna cewa kwanon shinkafa ya yi araha. Farashi na ci gaba da hawa, gudunsa ne ya ragu. Wannan ne ya sa magidanci ke jin an ce hauhawa ta sauka, ya shiga kasuwa ya tarar da tsada tana nan daram, har ya zargi 'yan jarida da ƙarya.

Wani lokacin kuma ma'aunin ne da kansa ke canzawa a tsakiyar zane. A Disamban 2024 alƙalamin yana 34.80, sai ga shi a Janairun 2025 ya faɗo zuwa 24.48. A kan allo faɗuwar ta fi ƙarfin maki 10 cikin wata guda, amma musabbabinta shi ne hukumar ta sabunta tsarin lissafinta: ta mayar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake jerin kayan da take bibiya da nauyin da kowanne ke da shi a lissafi. Kwatanta lambobin biyu kai tsaye tamkar auna hatsi ne da tiya biyu masu girma daban. Zane mai inganci yakan yanke layin a wurin, ko ya sa tauraro da ɗan bayani a ƙasa.

Saboda haka ƙananan rubutun da ke gindin allo sun cancanci a duba su, domin a nan ake samun sunan hukumar da ta tattara alƙaluman, da lokacin da suka shafa, da irin wannan gargaɗi. Wanda ke buƙatar lambar don aiki ko kasuwanci zai iya ɗaukar hoton allon da waya, ya karanta a natse, sannan ya gwada da rahoton hukumar na wannan wata.