Daren da ya ratsa kwana biyu: yadda ake lissafin awannin maigadi

Maigadi ya kama aiki da ƙarfe shida na yammacin Juma'a, ya miƙa tocila da makullin get ga abokin canjinsa da ƙarfe shida na safiyar Asabar. Ko yaro aka tambaya zai ce awa sha biyu ya yi. Amma in an zo biyan kuɗi sai tambayoyi uku su taso: awa nawa za a cire na hutu, nawa ne suka faɗa cikin Juma'a, nawa kuma cikin Asabar da ladanta ya fi na sauran ranaku. A nan ne kuɗin masu gadi ke zirarewa, sau da yawa ba don akawu ya yi niyyar cuta ba, sai don takardar lissafin ba ta san da sha biyun dare ba.

Kafin a taɓa kalkuleta akwai wani tarko da yake namu ne na Hausawa. A ƙidayarmu dare shi ke gaba da yini, don haka daren Juma'a shi ne wanda ke shigowa bayan magaribar Alhamis. Kalandar ofis kuwa tana juya rana ne da sha biyun dare. Idan shugaban masu gadi ya rubuta “daren Asabar” a rajista, yana iya nufin daren da ya fara da yammacin Juma'a, akawu kuma ya ɗauka wanda ya fara da yammacin Asabar ne. Maganin abin shi ne a bar rubuta sunan dare, a rubuta kwanan watan da aka shiga aiki, da lokacin shiga da na fita a agogo mai awa 24, wato 18:00 da 06:00. Da wannan kaɗai an kashe rabin gardama.

Yanzu ga lissafin kansa. Mai aikin rana ba shi da matsala: ya shiga 06:00 ya fita 18:00, a cire shida daga sha takwas, saura sha biyu. Mai aikin dare kuwa lokacin fitarsa ya fi na shigarsa ƙanƙanta, don haka in an cire 18 daga 6 sai a sami sha biyu ƙasa da sifiri. Wasu akawuna sukan share alamar ragin kawai su ci gaba, kuma su dace, domin a aikin awa sha biyu amsar takan zo daidai bisa sa'a. Ranar da aka kawo wanda ya shiga 22:00 ya fita 06:00 asiri ke tonuwa: dabarar za ta ba shi awa 16, alhali takwas ya yi. Ƙa'idar gaskiya ita ce, duk sanda lokacin fita ya gaza na shiga, a ƙara masa 24 kafin a cire. Shida da ashirin da huɗu talatin, a cire 22, saura takwas.

Masu aiki da Excel ko Google Sheets ya kamata su san cewa manhajar tana ɗaukar lokaci a matsayin yanki na kwana guda. A wurinta 18:00 shi ne 0.75, 06:00 kuma 0.25. Idan kwanan wata yana gurbin A2, shiga tana B2, fita tana C2, awannin hutu kuma suna D2, wannan zai ba da awannin da za a biya, ko da rana aka yi su ko da dare:

```
=MOD(C2-B2,1)*24-D2
```

Aikin MOD a nan shi ne ƙara kwanan nan guda idan amsa ta faɗi ƙasa da sifiri. Sai dai yana da iyaka. Idan mai canji bai zo ba, maigadi ya zarce daga 18:00 har 18:00 na gobe, dabarar za ta ce sifiri ya yi, ta kuma cire masa hutu a kai. Irin wannan layin sai an rubuta kwanan wata tare da lokaci a gurbin shiga da na fita, a cire kai tsaye, a ninka da 24.

Batun hutu ya fi batun lissafi nauyi. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutu sau ɗaya ko fiye, wanda jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Ta kuma fayyace abin da take kira hutu: lokaci ne da aka ƙayyade tsawonsa tun farko, wanda ma'aikaci ke da ikon yin abin da ya ga dama da shi, ba a kuma tilasta masa zama a wurin aiki ba. To, a auna wannan da maigadin da shi kaɗai ne a bakin get ɗin sito. Da ƙarfe ɗaya na dare ya buɗe kwanon tuwonsa a kan benci, rediyo na gefe, ya kai loma biyu sai ga fitilar mota, ya aje kwano ya je ya leƙa, ya rubuta lambarta, ya dawo miya ta huce. In ɓarawo ya haura katanga a wannan awar, shi za a kama da laifi. A ganina wanda za a tuhuma a kan abin da ya faru cikin awa, bai kamata a cire masa kuɗin wannan awar ba. Hutun da za a ƙi biya sai a wurin da masu gadi biyu ne ko fiye, ɗaya ya riƙe wa ɗaya, an kuma rubuta lokacin tafiya da na dawowa. Takardar da ke cire awa ɗaya da kanta a kowane layi, an huta ko ba a huta ba, tana cinye awa 26 a watan da mutum ya yi dare 26.

Sai ladan ƙarshen mako. Dokar ba ta yanke wani ninki na Asabar da Lahadi ba, ba ta kuma yanke na obataim ba. Abin da ta tanada shi ne hutun kwana ɗaya, awa 24 a jere, cikin kowane kwana bakwai. Ninkin yana fitowa ne daga yarjejeniyar aiki. Mu ɗauka, don misali kawai, ana biyan naira 400 a awa, Asabar da Lahadi kuma ninki ɗaya da rabi, wato 600. Maigadinmu na farko ya shiga 18:00 ranar Juma'a, ya fita 06:00 ranar Asabar, ya yi hutu na gaske daga 01:00 zuwa 02:00.

A yanka daren a kan sha biyu. Daga shida na yamma zuwa sha biyun dare awa shida ne na Juma'a, shida sau 400, naira 2,400. Daga sha biyu zuwa shida na safe awa shida ne na Asabar, amma hutun a cikinsu ya faɗa, saura biyar. Biyar sau 600, naira 3,000. Jimla 5,400. Idan kuwa akawu ya dubi ranar shiga kaɗai, ya ce ai aikin Juma'a ne, zai ninka sha ɗaya da 400 ya ba shi 4,400. Dubu guda ta tafi a dare ɗaya.

Abin sha'awa shi ne yadda wannan kuskure ke ɓuya. Wanda ya shiga da yammacin Lahadi ya fita safiyar Litinin, da hutu a lokaci iri ɗaya, haƙƙinsa in an yanka dare shi ne awa shida a kan 600 da biyar a kan 400, wato 5,600. Lissafin ranar shiga kuwa zai ba shi sha ɗaya sau 600, naira 6,600. Dubun da aka rage wa na Juma'a ita ce aka ƙara wa na Lahadi. Kamfani ya biya 11,000 ko ta wace hanya aka bi, shi ya sa mai duba littafin kuɗi ba zai ga komai ba. In mutum ɗaya ne ke yin dararen biyu, babu wanda aka ƙwara. In kuwa jadawali ya ɗora wa wani daren da ke shiga Asabar kullum, Lahadi kuma ita ce ranar hutunsa, to yana asarar dubu duk mako, naira 52,000 a shekara. Biya bisa ranar shiga ba laifi ba ne idan haka aka rubuta a yarjejeniya kuma ana juya jadawali. Laifin shi ne a yi amfani da hanya ɗaya ranar Juma'a, a koma ɗaya ranar Lahadi, kullum ana zaɓar wadda ta fi arha.

Ko wurin da hutu ya faɗa yana taɓa kuɗi. Da maigadin nan ya huta daga 22:00 zuwa 23:00 ne, awar da za a cire ta 400 ce, kuɗinsa ya zama 5,600 maimakon 5,400. Don haka gurbin hutu guda biyu ake so, na kafin sha biyu da na bayanta. A manhaja, waɗannan layuka biyu na farko suna raba daren, na biyun ƙarshe kuma suna faɗin ko kowane ɓangare ƙarshen mako ne:

```
=IF(C2<B2,1-B2,C2-B2)*24
=IF(C2<B2,C2,0)*24
=WEEKDAY(A2,2)>5
=WEEKDAY(A2+1,2)>5
```

Lambar 2 da ke cikin WEEKDAY tana sa Litinin ta zama 1, Asabar 6, Lahadi 7. In an manta da ita, manhajar za ta fara ƙirga daga Lahadi, sai ta ɗauki Juma'a da Asabar a matsayin ƙarshen mako, ta bar Lahadi a ladan kullum.

Saura ƙananan ɓeraye biyu. Minti sittin ne awa, don haka awa sha ɗaya da minti 45 shi ne 11.75, wanda ya buga 11.45 a kalkuleta ya cinye minti sha takwas, naira 120 a misalinmu. Haka kuma in aka tara awannin mako, ba tare da an ninka su da 24 ba, a gurbin da aka tsara shi kamar agogo, dare shida na awa sha ɗaya, wato 66, zai fito 18:00, domin manhajar ta zubar da kwana biyu cikakku. Sai an sauya tsarin gurbin zuwa `[h]:mm` zai nuna 66:00. Duk sanda jimillar mako ta gaza 24 ga mutumin da kowa ya gani a bakin get dare shida, nan za a fara dubawa.

Ga maigadi kuwa, ƙaramin littafin aljihu ya ishe ka. Rubuta kwanan wata, lokacin da ka shiga, lokacin da mai canjinka ya iso da gaske, ko da 06:40 ne, da ko ka sami hutu ko ba ka samu ba. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Ka nemi takardar, ka duba ko ta faɗi ƙarfe nawa ƙarshen mako ke farawa da ƙarfe nawa yake ƙarewa; in ba ta faɗa ba, ka tambaya tun kafin ranar albashi.