Giraf ɗin gudu da lokaci a hoton waya: lamba ake bi, ba siffa ba

Idan jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, tambayoyin fiziks sukan yi ta yawo a wayoyin ɗalibai. Wani ya ɗauki hoton shafin littafi, ya tura wa abokansa a zaure na WhatsApp, a ce a warware. Daga cikin waɗanda suka fi yawo akwai giraf ɗin gudu da lokaci, kuma sau da yawa hoton yakan zo a karkace, ga inuwar hannun mai ɗauka ta rufe gefe guda.

Karkatar nan ita ce matsalar farko. Kyamarar da aka riƙe a kaikaice tana matse wani ɓangare na shafi ta miƙar da wani, don haka layin da ya yi tsaye sosai a hoto wataƙila a takarda ba haka yake ba. Kada ka ɗora rula a kan fuskar waya. Ka buɗa hoton, ka karanta abin da aka rubuta a jikin layukan biyu: na tsaye yakan ɗauki `v (m/s)`, na kwance kuma `t (s)`. Idan ka ga `km/h`, sai ka raba da 3.6 kafin komai, domin kilomita 72 a awa daidai yake da mita 20 a daƙiƙa. Daga nan ka bi ƙananan layukan gidajen giraf ɗin, waɗanda suka karkace tare da hoton, ka fitar da lambobin kowace kwana, ka sake zana abin a takardarka.

A ce mota ce, kuma kwanonin da ka samu su ne (0, 0), (10, 20), (30, 20), (45, −10) da (50, 0), lambar farko daƙiƙa, ta biyu gudu.

Saurin canjin gudu, wato akselareshan, shi ne karkatar layin: `a = (v − u)/t`. A daƙiƙa 10 na farko gudu ya tashi daga 0 zuwa 20, ke nan 2 m/s². Daga 10 zuwa 30 layin a shimfiɗe yake, canjin sifili ne, amma motar tana tafiya abinta. Masu ganin shimfiɗaɗɗen layi su ce mota ta tsaya sun rikita shi da giraf ɗin nisa da lokaci. Daga 30 zuwa 45 gudu ya sauka daga 20 zuwa −10, bambancin −30 cikin daƙiƙa 15, wato −2 m/s². Layin ya ratsa sifili a daƙiƙa ta 40. A nan motar ta tsaya cak na ƙiftawar ido, sannan ta fara komawa da baya.

Tafiyar da aka yi kuwa tana cikin girman filin da ke tsakanin layin da layin lokaci, saboda gudu sau lokaci shi ke ba da nisa. Filin sama ka yanka shi uku. Alwatika ta farko ½ × 10 × 20, mita 100. Mai kusurwa huɗun tsakiya 20 × 20, mita 400. Alwatikar da ta ƙare a daƙiƙa ta 40 wata mita 100. Jimla 600. Filin ƙasa alwatika ce mai gindi 10 da tsayi 10, mita 50, kuma tafiyar baya ce.

Nan ne maki ke zubewa. Idan tambayar disfilasmen ce, wato ina motar ta ƙare idan an auna daga inda ta tashi, sai a cire: 600 − 50, mita 550. Idan nisan da tayoyi suka taka ake nema, sai a tara: mita 650. Matsakaicin gudu da wannan na biyun ake lissafa shi, 650 ÷ 50, mita 13 a daƙiƙa. Wanda ya raba 550 da 50 zai samu 11, amsar wata tambaya ce daban, ta matsakaicin belositi. Wanda kuma ya haɗa 0 da 20 ya raba biyu ya samu 10 ya yi amfani da dabarar da ba ta aiki sai a miƙaƙƙen layi guda.

Akwai hanyar bincikar kanka. Idan kowane gida a giraf ɗin daƙiƙa 5 ne a kwance, 5 m/s a tsaye, to gida ɗaya mita 25 ne, komai yadda hoto ya lanƙwasa shi. Ya kamata ka ƙirga gidaje 24 a sama, 2 a ƙasa, kana haɗa rabi da rabi. In lissafinka ya yi nesa da haka, koma ka duba kwanonin.

In kuwa an yanke lambobin gefe a hoton, ko haske ya wanke su, kada ka yi shaci-faɗi. Ka ce wa wanda ya turo ya shimfiɗa littafin a tebur, ya riƙe wayar daidai saman shafin, ya sake ɗauka.