Amosanin Jini da Zazzaɓin Cizon Sauro: Lissafin da Garki Ya Bayyana

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin masana ilimin gado a rai. Cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila, tana kashe yawancin yaran da ke ɗauke da ita kafin su isa aure, muddin ba su sami kulawar asibiti ba. To, abin da yake hallaka mai shi tun bai haihu ba ai kamata ya yi ya ƙare da kansa sannu a hankali. Amma ga shi a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadon wannan cuta.

Kowane mutum yana gadon ƙwayoyi biyu masu tsara sinadarin himogulobin na jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ta lafiya ana kiranta A, ta sikila kuwa S. Mai SS shi ne majinyaci, domin idan iska ta yi ƙaranci a jininsa sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Mai AS kuwa, wato ruwa biyu, galibi lafiyarsa lau.

A 1954 Anthony Allison ya wallafa bincikensa na Gabashin Afirka, inda ya nuna cewa S ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yara masu AS sun fi jure wa ƙwayar falsifarum, wadda ita ce mafi kisa. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa AS tana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne jar ƙwayar jinin da cutar ta shiga takan lanƙwashe, sai saifa ta tsince ta ta lalata tun cutar ba ta hayayyafa ba.

Hujja mafi gamsarwa ta fito ne daga ƙasar Hausa. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan wannan zazzaɓi a ƙauyukan Garki, a Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda yanzu ke cikin Jihar Jigawa. An tarar cewa cikin jarirai kimanin kashi 24 cikin 100 masu AS ne, kimanin kashi 2 kuma masu SS. Cikin waɗanda suka haura shekara 5, masu AS sun kai kashi 29, masu SS kuwa sai da ƙyar ake samunsu. Ba wanda jininsa ke sauyawa bayan haihuwa, saboda haka ƙaruwar nan ma'anarta guda ce: masu AA sun fi mutuwa.

Ɗalibi yana iya bin lissafin da alƙalami. A ɗauki jarirai 1,000: 740 masu AA, 240 masu AS, 20 masu SS. Jimillar ƙwayoyin gadonsu 2,000. Masu AS sun kawo S guda 240, masu SS sun kawo 40, wato 280 ke nan, kashi 14 cikin 100. Yanzu a ajiye sauran sanadin mutuwa da ke shafar kowa daidai. Masu SS sun rasu, S guda 40 sun tafi da su. Domin masu AS 240 su zama kashi 29 na manya, sai masu AA su ragu zuwa kimanin 590, wato zazzaɓi ya ɗauke 150, tare da A guda 300. Saura mutum 830 masu ƙwayoyi 1,660, kuma 240 daga ciki S ne. Wannan ya ba da kashi 14 da ɗoriya, kusan daidai inda aka fara. Sikila tana zaftare S ta wannan gefe, zazzaɓi yana zaftare A ta wancan, ma'auni ya tsaya cik. Wannan shi ne abin da masana ke kira fifikon mai ruwa biyu: AS ta fi AA da SS tsira, don haka babu ƙwayar da za ta kori 'yar'uwarta.

Sai dai fifikon yana da iyaka, kuma nan ne ake yawan kuskure. Mai AS yana kamuwa da zazzaɓi kamar kowa, tsananinsa ne kawai ke raguwa, don haka gidan sauro da magani ba su faɗi a kansa ba. Mai SS kuwa ba shi da wata riba, zazzaɓin ma yana iya tayar masa da ciwo ya kashe shi. Haka kuma ribar ta dogara ne ga muhalli. A Amurka, inda aka kawar da zazzaɓin, kimanin ɗaya cikin 13 na baƙaƙen fata ne ke da AS, kuma ba wani kariyar da take yi musu a can.

Lissafin al'umma kuma dabam yake da na gida guda. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Haihuwar majinyaci ɗaya ba ta nufin uku masu zuwa sun kuɓuta, domin kowane ciki sabon lissafi ne. Gwajin jini kafin aure ne kaɗai ke bayyana mai AS, tun da ba a gane shi da ido.