Jawabin Yayar Ango: Abin da Ake Faɗi da Abin da Ake Haɗiyewa

Duk wanda ya tashi a Briqueterie, wadda mu mazauna cikinta muke taƙaitawa mu ce Birik, ya san yadda bikin aurenmu yake tafiya tun daga kai gaisuwa har zuwa buɗar kai. Ya kuma san 'yan'uwan ango mata su ne ƙashin bayan hidimar. Su ke shiga kasuwar Mokolo da shagunan atamfa na unguwa su haɗa lefe, su ke ɗaukarsa su kai gidan amarya, su ke kwana a gindin murhu, su ne kuma ke tarbar amarya daren da aka kawo ta. Amma a duk tsawon wannan hidima, al'adarmu ba ta ware musu wurin da za su miƙe su yi magana a gaban taro ba. A wurin ɗaurin aure, ko a babban masallacin unguwa ko a ƙofar gida, waliyyi da wakili da liman ne ke magana, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha, a raba goro. A cikin gida kuwa bakin maroƙa da zabiyoyi ake ji. Rabon 'yar'uwar ango guɗa ce kawai.

To, yanzu abin ya fara sauyawa, kuma ba a Kano ko Katsina muka ɗauko shi ba. Zama da maƙwabta ne ya kawo shi. A ƙasar nan dokar 1981 ta tanadi auren da ake rubutawa a ofishin magajin gari, inda har ake tambayar ma'aurata ko mace ɗaya aka zaɓa ko fiye, kuma ma'aikatanmu da dama suna yinsa bayan na masallaci saboda takardu. Daga can akan wuce wurin liyafa, inda maƙwabtanmu Ewondo da Bamileke suka saba wani daga dangi ya miƙe ya yi jawabi, a ɗaga kofi a sha. Mu dai namu kofin na zoɓo ne, wanda nan aka fi sani da folere, ko na lemon citta. Abin da ya rage shi ne maganar, kuma a nan gizo ke saƙar, domin magana zarar bunu ce.

Kafin mu je ga misali, ya kamata mai karatu ya lura da wani bambanci. Ƙanwar ango abokiyar wasan amarya ce, tana iya tsokana a yi dariya a wuce. Yayar ango ba haka take ba. A wurin amarya tana kusa da matsayin suruka, ana jin nauyinta, kuma in uwar ango ta rasu ita ce uwar. Saboda haka duk abin da ta faɗa a ranar, dangin amarya ba hira suke ɗaukarsa ba. Suna auna shi ne su gane irin gidan da 'yarsu za ta shiga, da irin mutanen da za ta zauna a ƙarƙashinsu.

A watan Disamba na 2023 na halarci walimar wani tsohon ɗalibina, a wata farfajiya da ke gangaren unguwa. Maza suna gefe ɗaya a kan kujeru, mata suna ɗaya gefen a kan tabarmi, an gama cin tsire da shinkafa. Sai aka miƙa wa yayarsa lasifika, mace mai shekara arba'in da ɗaya, mai sana'ar sayar da fanke da kunu. Jawabinta bai kai minti bakwai ba, amma har yau ina ba da labarinsa.

Ta fara da sallama, ta gaida iyaye, ta gaida dangin amarya kafin ta gaida nata. Ba ta kama sunan ango ba ko sau ɗaya, Auta take ce masa, yadda ake kiransa a gida. Ta ce an haife shi ne a makon da Kamaru ta ci Ajantina ɗaya da nema a gasar cin kofin duniya, wato wasan 8 ga Yuni 1990 wanda Omam-Biyik ya jefa ƙwallo da ka. Ta ce ita tana da shekara takwas, da ta ji gari ya kaure da ihu da ƙahon motoci sai ta ɗauka murnar haihuwar ƙaninta ake yi, ta riƙa bin mutane tana cewa na gode. Nan wuri ya ɗauki dariya, har da dattawan da tun farko suka haɗe rai don ganin mace riƙe da lasifika.

Wannan farawa tana da hikima. Dariyar a kanta ta faɗa, ba a kan ango ba. Kuma ta ɗaura labarin gidansu a jikin ranar da duk wanda ya manyanta a garin nan yake tunawa da inda yake zaune, ko Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba.

Daga nan ta shiga wuri mai santsi. Mahaifinsu tela ne, kuma yawancin masu kawo masa ɗinki ma'aikatan gwamnati ne. A 1993 aka rage albashin ma'aikata har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Yadi da zare suka yi tsada, masu ɗinki suka ɗauke ƙafa. A shekarar tana ajin ƙarshe na firamare, kuma daga nan ba ta ci gaba ba, ta ɗauki farantin talla. Kowa a dangin ya san da kuɗin fanken nan aka sayi littattafan Auta. Da ta ga dama da ta ce ni na bar makaranta domin kai, kuma da ba ta yi ƙarya ba. Ba ta faɗi haka ba. Ga yadda ta kawo shi:

"Shekarar da aka sa Auta makaranta, ruwan Satumba ya hana yara sakat. Jar lakar nan ta gangarenmu tana cire masa takalmi. Sai in ɗora faranti a ka, in goya shi a baya, shi kuma ya riƙe mana lema. In mun isa ƙofar makaranta sai ya ce, Yaya, sauke ni a nan kada 'yan ajinmu su gani. Da yamma kuma shi ne malamina. Abin da aka koya masa da safe sai ya zaunar da ni ya maimaita mini, har da bulalarsa ta tsinken tsintsiya."

Mu malamai mun san abin da ke cikin wannan magana. Yarinyar da ta kai ajin ƙarshe ba ta bukatar ɗan aji ɗaya ya koya mata baƙaƙe. Zama take yi don ya yi bitar karatunsa. Wanda ya sani ya gane, ya share hawaye. Wanda bai sani ba ya ji labarin yaro mai son 'yar'uwarsa. Ango kuwa ya fita daga labarin a matsayin mai bayarwa, ba wanda ake bi bashi ba. A ganina nan ne iyakar da ke tsakanin tuna baya da gori. Mai tuna baya tana faɗin abin da suka yi tare, mai gori tana lissafin abin da ta kashe.

Na sha ganin inda aka tsallake wannan iyaka. Wata ta miƙe ta ƙirga akwatunan lefe da wanda ya sayi kowanne. Wata ta ce sai da ya zagaye 'yan matan unguwa kafin Allah ya tsayar da shi, tana nufin wasa, amarya kuwa ta shiga ɗaki da wannan a zuciya. Gane cewa magana ta karkace ba shi da wuya. Kada a dubi samari, su komai aka faɗa tafi suke yi. A dubi tabarmar tsofaffi mata. In guɗa ta ɗauke, gwaggon amarya ta karkata tana raɗa wa ta kusa da ita, ango kuma ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba, to lokacin ajiye lasifika ya yi.

Akwai kuma wani rami da ya fi waɗannan zurfi a gidajenmu na mata biyu ko uku. Da zarar yaya ta ce mu biyu ne kawai uwa ɗaya uba ɗaya, ta raba gidan gida biyu a gaban baƙi, ta kuma nuna wa amarya ɓangaren da ake so ta bi tun kafin ta kwana. Wannan baiwar Allah ta tsallake shi. Mahaifiyarsu ta rasu ango yana ɗan shekara tara, abokiyar zamanta ce ta ƙarasa riƙonsa. Sai ta juya wajen tsohuwar ta ce, "Inna, ke kika yi jinyar ƙyandarsa, ke kika san abin da yake ci da abin da ba ya ci. Yau ranarki ce kafin ta zama tamu." Ta kuma kira 'yan ɗakin tsohuwar ɗaya bayan ɗaya suka tsaya kusa da ita. A nan ne guɗa ta ɓarke daga ɓangarori biyun.

Ƙarshen jawabin na amarya ne. Ta ce mata, "Ƙanwata, ba baƙuwa muka karɓa ba. In ya ɓata miki, ƙofata tana kusa, kuma ba zan fara da tambayar me kika yi masa ba." Sannan ta zaro wani tsohon majanyi da ya koɗe, wanda ta ce da shi take ɗaure goyon Auta, ta ɗora a cinyar amarya. A nan kam ina da ja. Kyautar ta taɓa zuciya, amma majanyi maganar haihuwa ce, haihuwa kuwa ta Allah ce. In aka yi shekara uku shiru, wannan ƙyalle zai zame wa yarinyar nauyi a cikin akwati, tunda a gaban mutane aka ba ta. Da a cikin ɗaki aka miƙa shi ranar buɗar kai, tsakanin mata, da ya fi.

Saura batun harshe, wanda kullum yake tasowa a bukukuwanmu na Yawunde. A wurin akwai abokan aikin ango da ba sa jin Hausa, akwai kuma dangin amarya da suka zo ta jirgin ƙasa daga Ngawundare, waɗanda Fulatanci ya fi musu sauƙi. Mai gabatarwa ya so ya riƙa fassara jimla bayan jimla, ta ɗaga masa hannu ta ce ya bari ta gama. Ta yi maganarta da Hausa tun daga farko har ƙarshe, sannan ta ƙara jimla uku da Faransanci, ta gode wa baƙi, ta ce a ɗaga kofi. Gaisuwar Fulatanci kuwa wata gwaggonsu ta bar wa, wadda ta yi aure a Garwa shekaru da yawa, ita ta ƙarasa da addu'a aka shafa.